Yadda muka sake rubuta takardar ban haƙuri bayan kayan Sallah sun makara a Gusau

Aikina shi ne rubuta wa ƙananan kamfanoni da 'yan kasuwa takardu da sanarwa a nan Sakkwato, kuma ta wannan hanya ce wani kamfanin dakon kaya ya neme ni bayan ƙaramar Sallah. Kamfanin yana ɗauko kaya daga Kano, galibi shadda da atamfa da leshi na Kantin Kwari da takalman yara, yana sauke wa 'yan kasuwa da teloli da matan da ke sayar da kaya a cikin gida. Alƙawarinsa, wanda aka buga a ƙasan kowane rasit, shi ne duk kayan da aka karɓa a Kano kafin la'asar za su iso Sakkwato cikin kwana biyu.

A goman ƙarshe na azumi aka yi wa wata motarsu lodi ranar Litinin, ta tashi ranar Talata bayan asuba, sai giyarta ta lalace dab da shiga Gusau. Kayan da ya kamata a sauke ranar Laraba ba su iso ba sai Litinin ta gaba da yamma, saura kwana biyu Sallah. Ƙunshi 140 ne na mutum 86. Duk wanda ya san yadda shagon tela yake a daren Sallah ya san cewa shaddar da ta iso a wannan lokaci ba za ta ɗinku ba, kuma takalmin yaro da bai shiga kasuwa kafin Idi ba zai daɗe a kan kanta.

Manajan ofishin Sakkwato ya riga ya rubuta takardar ban haƙuri, abin da ya so daga gare ni kawai shi ne in gyara masa Hausarta. Ga abin da ya miƙo mini:

"Hukumar wannan kamfani tana sanar da abokan cinikinta masu daraja cewa an ɗan samu jinkiri wajen isowar wasu kaya a makon jiya, sakamakon wasu dalilai da suka fi ƙarfinmu, waɗanda suka haɗa da lalacewar hanya da matsalar tsaro da cunkoson lokacin Sallah. Muna ba da haƙuri idan hakan ya ɓata wa wani rai, amma muna tunatar da jama'a cewa mun daɗe muna shawartar su da su riƙa kawo kaya da wuri. Kamfaninmu ya yi shekaru yana aiki bisa amana. Haka Allah ya ƙaddara. Mun gode da fahimtarku."

Hausar takardar ba ta da wani aibi. Na karanta ta ina neman amsar tambayoyi uku, waɗanda su nake fara yi wa kowace takardar ban haƙuri: wa ya aikata, me ya aikata, kuma me wanda aka cutar zai samu. Ban sami amsar ko ɗaya ba. Kamfanin ya fito a matsayin mai aikatawa wajen sanarwa da ba da haƙuri da ba da shawara da yabon kansa da godiya, amma a jimlar da ke ɗauke da laifin sai ya ɓace, aka bar "an samu", kamar jinkirin ya faɗo ne daga sama. Mutanen da takardar ta ɗora wa wani abu su ne masu kayan da kansu, waɗanda aka tunatar cewa ba sa kawo kaya da wuri. Na ce wa manajan ba zan iya gyara ta a kan teburinsa ba, sai na ga littafin rasit, na kuma yi magana da direba da bakanike da yaron da ke ɗaukar waya a ofis.

Wannan binciken shi ya fi cin lokaci a aikin gaba ɗaya, kuma shi ya sauya takardar. Bakaniken kamfanin ya gaya mini cewa tun farkon azumi ya faɗa wa ofis giyar motar tana ƙara, tana kuma ƙin shiga, ya nemi a ajiye ta kwana biyu ya buɗe ta, aka ce a bari sai bayan Sallah saboda lodi ya yi yawa. Direban ya nuna mini a wayarsa cewa ya kira ofis ranar Talata da la'asar, wato kamfanin ya san motar ta tsaya tun a ranar. Ranar Laraba wani mai mota a Gusau ya yarda zai juye kayan ya kawo su Sakkwato a kan naira 350,000, tafiyar da ba ta wuce kilomita 200 da 'yan kai ba, wadda da an amince da sun iso ranar Alhamis. Ofis ya ga kuɗin sun yi yawa, ya zaɓi jiran safaya daga Kano, safayar farko ta zo ba ta dace ba, aka sake jiran wata. A duk wannan tsakanin, yaron da ke ɗaukar waya yana faɗa wa kowa abin da aka umarce shi ya faɗa, wato "motar tana hanya". Masu kaya ba su san gaskiya ba sai ranar Asabar, lokacin da yaron wani ɗan kasuwa ya ga motar a garejin Gusau an cire mata ciki, ya ɗauki hoto, hoton ya zagaya wayoyin 'yan kasuwa.

Daga nan na koma kan dalilai ukun da takardar farko ta jera. Ba ƙarya ba ne, domin kowa ya san halin da hanyar Funtuwa zuwa Gusau take ciki, ya san direbobi ba sa yarda su bi ta da dare, ya kuma san lodi yana ninkuwa a ƙarshen azumi. Ma'aunin da nake ɗora kowane uzuri a kai guda ɗaya ne: shin kamfanin ya san da wannan abu a lokacin da ya karɓi kuɗin mutane ya ba su rasit mai alƙawarin kwana biyu? Idan ya sani, to abin ya riga ya shiga cikin lissafin alƙawarin, ba zai dawo daga baya ya zama uzuri ba. Ramukan hanya suna nan tun kafin Litinin ɗin da aka yi lodi, matsalar tsaro ma haka, ranar Sallah kuwa ba ta zo wa kowa ba zato. Duka ukun suka faɗi a wannan ma'auni, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya tsayar da motar. Da a ce gada ce ta karye a ranar, ko hukuma ta rufe hanya ba tare da sanarwa ba, da na bar shi a takardar a jimla guda, domin mai kaya yana da haƙƙin sanin abin da ya faru, kuma ɗaukar laifin da ba naka ba shi ma wani nau'in rashin gaskiya ne.

Abin da ya rage bayan an kwashe uzurorin shi ne shawarwari uku da kamfanin ya yanke da kansa: ya ɗaga gyaran mota bayan an gargaɗe shi, ya ƙi ɗaukar hayar wata motar, ya kuma ɓoye wa mutane halin da ake ciki. Da waɗannan na je wurin mai kamfanin, wani dattijo da ya fara sana'ar da mota ɗaya, tare da manajan da lauyan da ke ba su shawara.

Da na karanta masa su, Alhaji ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "To Malam, mi kaka son mu ce? Mu tona wa kanmu asiri a kasuwa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, hoton motar yana wayar kowa tun ranar Asabar. Abin da ba su sani ba shi ne ko kamfanin zai faɗa da bakinsa, ko kuwa zai sake ce musu tana hanya."

Lauyan ya kawo damuwarsa, kuma damuwa ce ta gaske wadda bai kamata mai rubutu ya raina ba. Ya ce takardar da ta ce "laifinmu ne" za a iya ɗaga ta a gaban alƙali. Muka duba abin da doka ta tanada. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ce a sashe na 130 wanda ya biya kuɗin wani aiki yana da haƙƙin a yi masa shi a kan lokaci, a kuma sanar da shi a kan lokaci idan an samu jinkirin da ba makawa, in kuwa aikin ya gaza, yana iya neman a gyara ko a mayar masa da wani kaso na kuɗinsa gwargwadon gazawar. Jinkirin yana rubuce a rasit da ranar sauke kaya, rashin sanarwar kuma mutum 86 ne shaidunsa, saboda haka amincewa da su a takarda ba ta ƙara wa kamfanin wani nauyin da bai riga ya hau kansa ba. Inda lauyan ya tsaya, kuma na ga gaskiyarsa, shi ne kada takardar ta ce za a biya "duk asarar da aka yi", domin ribar da ɗan kasuwa ya yi tsammanin samu ba ta da iyakar da za a iya aunawa, kuma alƙawarin da ba za a iya cikawa ba zai jawo buƙatar takardar ban haƙuri ta biyu. Muka daidaita a kan cewa za a faɗi abin da ya faru ba tare da ragi ba, a kuma faɗi abin da za a biya da adadinsa da ranarsa, ba ƙari.

Batun biyan ne ya fi tsawo. Manajan ya kawo shawarar a yi wa mutanen ragin kashi 20 cikin 100 a dakon da za su yi nan gaba. Na ƙi wannan, saboda ragin gaba sharaɗi ne da ke cewa sai ka sake ba mu kayanka kafin ka ga haƙƙinka, wanda kuma ya yanke shawarar ba zai dawo ba ya tashi a tutar babu. Na nemi a mayar da kuɗin dako gaba ɗaya, waɗanda jimlarsu a littafi ta kama naira 720,000, kuma kamfanin ne zai bi mutane da kuɗinsu, ba su za su zo su yi layi su cika takarda ba. Alhaji ya lissafa da kansa cewa wannan ya ninka kuɗin hayar motar da aka ƙi biya, ya juya ya dubi manajan, sannan ya ce alƙawari kaya ne, a biya. Sai da aka gama wannan zama na ɗauki alƙalami, domin kafin a yanke abin da za a amince da shi da abin da za a biya, babu abin da zan rubuta sai ado.

Na bi takardar farko jimla bayan jimla. "An ɗan samu jinkiri wajen isowar wasu kaya" ta koma "mun yi alƙawarin sauke kayanku ranar Laraba, ba mu sauke ba sai Litinin". Kalmomin "ɗan" da "wasu" suna rage girman abu ne a idon wanda ya rubuta, amma a wurin telan da kayansa duka ke cikin motar ba wani ɗan jinkiri, kuma ba wasu kaya ba ne, nasa ne. Sanya ranaku ya fi kowace siffa, domin mai karatu zai iya gwada su da rasit ɗinsa ya ga ba a rage komai ba. "Idan hakan ya ɓata wa wani rai" ta fita gaba ɗaya, saboda tana nuna shakka a kan abin da kamfanin ya sani tabbas, bayan mutane sun cika ofis suna faɗa, tana kuma mayar da matsalar ta zama ta zuciyar mai kaya maimakon ta aikin kamfani. Haka "amma" da duk abin da ya biyo bayanta. Shawarar a riƙa kawo kaya da wuri tana da amfani, sai dai wurinta wata sanarwa ce dabam a tsakiyar Sha'aban mai zuwa, kuma waɗannan mutane sun kawo nasu a cikin lokacin da rasit ya yarda da shi. Yabon shekarun amana da godiya a kan fahimtar da ba wanda ya ce ya yi, su ma na cire su.

Jimlar ƙaddara ce manajan ya fi riƙewa, kuma na fahimci dalilinsa, domin babu Musulmin da ke musun cewa komai da ƙaddarar Allah yake faruwa. Abin da na gaya masa shi ne wannan magana tana da kyau a bakin wanda abin ya sama, idan ya faɗe ta don ya sanyaya zuciyarsa, amma idan wanda ya yi sakacin ne ya riga shi faɗa, sai ta zama hanyar rufe masa baki, ta yadda duk wanda ya ci gaba da ƙorafi zai zama kamar yana jayayya da hukuncin Ubangiji. Malamanmu sun koyar da mu cewa tuba daga laifin da ya shafi haƙƙin ɗan Adam ba ta cika da nadama da barin laifin da ƙudurin rashin komawa kaɗai, sai an mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa ko ya yafe da kansa. A kan wannan tsari na gina takardar, shi ya sa neman yafiya ya zo a ƙarshe, bayan an ambaci laifi da biya da gyara. Wani bincike da Roy Lewicki na Jami'ar Jihar Ohio ya yi da abokan aikinsa a 2016 ya rarraba ban haƙuri zuwa sassa shida, ya gano cewa amincewa da laifi ya fi sauran tasiri, tayin gyara ɓarna yana biye da shi, roƙon yafiya kuma shi ne na ƙarshe. A Sakkwato ba zan fitar da takarda babu "ku yafe mana" ba, domin za a ji ta a bushe, za a kuma ɗauke ta girman kai. Amma na yarda cewa idan ita ce a gaba, ko ita kaɗai ce, nauyin yana komawa kan wanda aka cutar.

Akwai wani abu da ya taso wanda na tsaya a kansa da ƙarfi. An kawo shawarar a rubuta cewa an hukunta ma'aikacin da ya riƙa cewa motar tana hanya. Yaron bai ƙirƙiri maganar ba, umarni aka ba shi, direban kuma ya kira a kan lokaci, ya kwana a gareji yana gadin kayan mutane da azumi a bakinsa. Takardar da ta miƙa ƙaramin ma'aikaci ga fushin jama'a tana kare kai ne ta wata ƙofa, kuma 'yan kasuwa suna gane hakan nan take, domin su ma suna da yara a shago. Muka bar "mu" a ko'ina, kuma Alhaji ya yarda shi zai sa hannu da sunansa a maimakon "hukumar kamfani".

Kafin a fitar da takardar na nemi a bar ni in karanta wa mutum biyu daga cikin masu kayan, da baki, ba tare da kowa daga ofis ba. Na fara da wata Hajiya a Mabera wadda ke sayar da atamfa da leshi a gida, kuma mata da yawa sun ba ta kuɗi tun kafin kayan su taso. A rubutuna akwai jimlar da ta ce "mun san irin halin da kuka shiga". Da na zo wurin sai ta ɗaga hannu ta ce, "Dakata ɗana. Ba ku sani ba. Ni anka yi wa sallama har tsakad dare ana ce mini na ci kuɗin mutane, saboda na ce musu mota tana hanya kamar yadda kunka ce mini." Wannan ya nuna mini inda cutar ta fi zurfi. Maganar da ofis ya faɗa ba ta tsaya a kunnen masu kaya ba, sun ɗauke ta sun kai wa nasu abokan cinikin, suka zama su ne maƙaryata a unguwanninsu. Na cire iƙirarin sanin halin da suke ciki, na sa abin da ya faru da su a fili, na kuma ƙara jimlar da za su iya nuna wa waɗanda suka zarge su. Na biyun tela ne a Rijiyar Ɗorowa. Shi ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaye ni abin da "za mu ƙara inganta aikinmu" take nufi ranar da wata motar ta sake tsayawa, ga Babbar Sallah tana tafe. Na koma wurin Alhaji da wannan tambaya, muka fitar da alƙawura biyu waɗanda mai kaya zai iya kama kamfanin da su idan ya saɓa. Akwai na uku a kan duba motoci kafin tafiya, wanda aka mayar dokar cikin gida, na kuma ambace shi a taƙaice saboda ba abin da mai kaya zai iya gani da idonsa ba ne.

Ga takardar da ta fita:

"Assalamu alaikum. Wannan saƙo ne zuwa ga duk wanda ya ba mu kaya a Kano ranar Litinin ta farko a goman ƙarshe na azumi. Mun yi alƙawarin sauke kayanku a Sakkwato ranar Laraba, ba mu sauke ba sai Litinin ta gaba, kwana biyar bayan alƙawari, saura kwana biyu Sallah. Laifinmu ne.

"Motarmu ta lalace a Gusau ranar Talata. Bakanikenmu ya gargaɗe mu a kan giyarta tun farkon azumi, muka ɗaga gyaran. Da ta tsaya, mun sami motar haya da za ta kawo kayan ranar Alhamis, muka zaɓi jiran gyara don gudun kashe kuɗi. Abin da ya fi muni shi ne daga Laraba zuwa Juma'a mun riƙa ce muku motar tana hanya alhali mun san tana gareji. Ba direba ko mai ɗaukar waya ne ya yanke waɗannan shawarwari ba, mu shugabannin kamfanin ne.

"Saboda haka ɗinkin Sallah ya wuce wasunku, kasuwar Sallah ta wuce wasu, wasu kuma an zarge ku da ƙarya a kan maganar da mu muka faɗa muku. Duk wanda aka zarga yana iya nuna wannan takarda, domin jinkirin daga gare mu yake.

"Za mu mayar wa kowa kuɗin dakonsa gaba ɗaya kafin ranar Juma'a. Mu za mu kira ku, ba sai kun zo ba. Wanda ya ga wani lahani a kayansa ya faɗa wa mai kiran, za mu zo mu duba a shagonsa ko gidansa mu biya. Mun san kuɗin dako ba za su dawo da kasuwar da ta wuce ba.

"Daga yau, duk motar da ta tsaya a hanya fiye da awa shida, za mu aiko muku da saƙo a ranar, mu faɗi inda take. Idan ba ta gyaru cikin awa 24 ba, za mu juye kayan a motar haya da kuɗinmu. Ba kuma za mu sake yi wa motar da bakanike bai sallama ba lodi.

"Wannan saƙo ma ya kamata ya zo muku tun kafin Sallah. Muna roƙon ku yafe mana."

A ƙasa akwai sunan Alhaji da sa hannunsa da lambar da za a same shi kai tsaye.

Saura yadda za ta isa ga mutane, domin da yawa daga cikin masu kayan ba za su karanta doguwar takarda a waya ba. An liƙa ta a ƙofar ofis, an aika hotonta ta WhatsApp, Alhaji kuma ya karanta ta da muryarsa aka tura sautin. Na roƙe shi ya karanta abin da ke rubuce kawai, saboda a magana ta baka ne uzurorin da aka cire suke lallaɓowa su dawo. Ga masu ƙananan wayoyi kuwa aka shirya gajeren saƙon tes, kuma nan akwai abin da ya kamata mai rubuta Hausa ya sani. Saƙo guda yana ɗaukar harafi 160 idan duk haruffan na gama-gari ne, amma da zarar an sa harafi mai ƙugiya ko da ɗaya ne, kamar ɗ ko ƙ ko ɓ, sai tsarin ya sauya, iyakar ta sauko zuwa 70, saƙon ya rabu gida uku, kuɗin aikawa su ninku, wasu tsofaffin wayoyi kuma su nuna akwati a wurin harafin. Don haka na zaɓi kalmomin da ba su da ƙugiya, na rubuta guda ɗayan da ta rage babu ita:

```
Salam. Kayanku na Kano sun makara kwana 5, kuma ba mu sanar da ku ba. Laifinmu ne. Za mu kira ku mu mayar da kudin dako duka kafin Juma'a. Ku yafe mana.
```

Harafi 152 ne har da tazara, kuma laifin biyu da biyan da ranar duk sun shiga.

Saƙonnin sun fita ranar Litinin da safe, kiran waya ya fara da hantsi. A nan wata matsala ta ɓullo wadda takardar ba ta hango ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku na kayan, dilolin Kantin Kwari ne suka biya dakonsu a Kano suka haɗa da kuɗin kaya, saboda haka sunan da ke rasit a matsayin mai biya na Kano ne, wanda ya yi asarar kuwa yana Sakkwato. Manajan ya kira ni yana tambayar wa za a ba. Muka koma ga lafazin takardar, wadda ta ce za a mayar wa kowa kuɗin dakonsa, kuma an aika ta ne ga waɗanda suka jira kayan. Aka yanke cewa mai karɓa a Sakkwato za a biya, bayan an kira dilan na Kano ya tabbatar cewa ya riga ya cire kuɗin daga hannunsa, in kuma dilan ne ya ɗauki nauyin dakon daga aljihunsa, shi za a tura wa. Mutum bakwai lambobinsu na rasit ba sa shiga, sai aka ba yaron ofis kuɗinsu a ambulan tare da kwafin takardar, ya bi su shago shago ranar Alhamis, kowa ya sa hannu a gefen sunansa a littafin rasit.